Gemun shekara huɗu da na rasa, da yadda na sake tara wani

Na tashi a cikin birnin Zariya, a gidan da kusan kowane babba yake da gemu. Na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fari ne tas, yana sauka har ƙirji. Duk safiyar Juma'a yakan shimfiɗa buzu a zaure, ya ajiye ƙaramin madubi da matajin katako da wani almakashi da ba a yarda kowa ya yanka ko zare da shi ba. Na sha zama ina kallonsa, amma ban taɓa tambayarsa me yake yi ba, kuma me ya sa. A tunanina gemu abu ne da ake saki kawai, Allah ya raya shi. Sai da ya rasu, sai da na rasa nawa, sannan na gane cewa aiki ne yake yi a wannan zauren, aiki mai ƙa'ida da lokaci.

Na fara tara gemu ina da shekara 27, lokacin da na buɗe shagon yadi a Sabon Gari. Shekara huɗu ban sa masa almakashi ba. Da sabulun wanka nake wanke shi kullum, in laɓta masa man zaitun har fata, in taje shi a bushe da ƙaramin kum na roba. Wuyana kuwa duk mako sai mai aski ya kankare mini shi da reza har ya yi santsi, don a ganina wannan shi ne tsafta. Daga nesa gemun yana da kwarjini, mutane suna yabawa. Daga ciki kuwa fatar ta daɗe tana ƙaiƙayi, kuma idan na sa baƙar riga sai in ga farin gari a ƙirjinta.

A hunturun shekara ta huɗu abin ya ɓaci. Ƙuraje suka feso a wuyana, daidai inda reza take bi, suka yi ruwa, suka haura cikin gemun. Na je kemis aka ba ni wani man shafawa mai haɗin magunguna uku. Kwana biyar ya lafa, na yi murna, da na daina sai ya dawo ya fi na da. Haka na yi ta yi wajen wata biyu. Da dare sai gashin ya manne da matashin kai. Na koma naɗa rawani ina jan amawali har hanci, ba don sanyi ba, don kada abokan ciniki su gani. Wata rana uwargidana ta dube ni ta ce, “Malam, wannan ya wuce na kemis. Don Allah ka je asibiti.”

Likitan fatar da na gani ya buɗa gashin da yatsunsa cikin safar hannu, ya ce abu biyu ne suka haɗu. Na farko amosani ne na fata, irin wanda ake yi a kai, wanda wani ƙwayar cuta dangin yis da ke rayuwa a fatar kowa yake haddasawa idan ya yi yawa. Maiƙo shi ne abincinsa, kuma man zaitun da nake laɓtawa har fata ciyar da shi nake yi. Na biyu ƙurajen aski ne. Gashinmu a murɗe yake fitowa, to idan reza ta yanke shi daidai da fata ko ƙasa da ita, sai bakinsa ya yi tsini, ya lanƙwasa ya soki fatar ya koma ciki. Wurin ya kumbura, ƙwayoyin cuta suka shiga. Man kemis ɗin kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke kwantar da kumburi, shi ya sa nake ganin sauƙi, amma yana raunana fata yana ba cutar fili. Ya rubuta mini maganin sha, da shamfu mai ketokonazol kashi 2 cikin ɗari, a sa sau biyu a mako, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye, har mako huɗu. Sannan ya faɗi abin da nake tsoro. Ya ce gashin ya cukurkuɗe da ɓawon gyambo, magani ba zai kai fata ba, sai an sauke shi ƙasa sosai.

Ban amsa masa ba. Na je wurin malamin da muke karatu a zaurensa bayan Magariba, na faɗa masa. Ya ce, “Wannan lalura ce, ɗana. Ka yi magani, gemu zai dawo in Allah ya yarda.” Duk da haka ranar da kilifa ta bi fuskata, na ga gashin shekara huɗu a kan zanen mai aski, ban iya cewa komai ba. Ƙaramar 'yata ta ƙi zuwa wurina da yamma, ta ɓuya bayan uwarta. Mako biyu ina aika yaro shago ina zaune a gida.

Fatar ta warke cikin wata ɗaya da rabi, amma ta bar mini tabo a ƙarƙashin muƙamuƙin hagu, faɗinsa kamar kan babban yatsa. Inda gyambo ya yi zurfi saiwar gashi ta mutu, har yau ba ya tsirowa a wurin. Daga nan na ɗauki niyyar sake tarawa, amma da sani. Abin da zan faɗa daga nan shi ne abin da na tattara daga likitan, da wani dattijon mai aski a Tudun Wada, da shekarun da na yi ina gwadawa a fuskata.

Abu na farko shi ne lissafi, domin rashinsa ke sa mutum ko dai ya ƙi taɓa gemu gaba ɗaya, ko ya yi ta datse shi har ya hana shi tsawo. Gashin gemu yana ƙaruwa da kamar santimita 1 a wata, wani ya ɗan fi haka. A shekara ke nan kana da wajen santimita 12. Idan duk wata biyu kana cire rabin santimita daga bakinsa, a shekara ka cire 3, ka tsira da 9. Ka ga gyara bai hana tsawo ba. Amma idan duk mako biyu mai aski yana bin bakinsa da kilifa don ya daidaita, yana cire rabin santimita kowane zuwa, to abin da ya tsiro shi ake cirewa, kuma haka za ka shekara gemu yana nan inda yake kana cewa naka ba ya girma. Akwai kuma wani abu da ya shafi gashinmu musamman: yana naɗewa. Nawa idan na ja shi ya miƙe yakan kai santimita 12, idan na sake shi sai ya koma kamar 8. Wanda bai san wannan ba, zai yanka a miƙe, ya tashi da safe ya ga gemun ya haye sama.

Saboda haka ba agogo ɗaya gemu yake bi ba, uku ne. Gashin baki duk Juma'a. Wuya da kumatu duk mako biyu. Tsawon gemun kansa sai bayan wata biyu. Yawancin abin da ido ke kira gemu mai tsafta iyakokinsa ne, ba tsawonsa ba. Idan leɓe ya fita fili, wuya ya yi fes, kumatu ba su da gashin da ya yi ɗai-ɗai, to ko gemun ya kai ƙirji za a ce wannan mutumin yana kula da kansa.

Gashin baki shi ne mafi sauƙi. A taje shi ƙasa, a rufe baki ba tare da murmushi ba, a bi gefen leɓen sama da bakin almakashi daga tsakiya zuwa dama, sannan daga tsakiya zuwa hagu. Kada a taɓa inda ya haɗu da gemu a kusurwar baki, domin idan aka yanke wannan gadar sai gashin baki ya zama kamar an ɗora shi daban. Hadisin da ya umarci a rage gashin baki a cika gemu sananne ne, kuma a ruwayar Anas da ke cikin Muslim an iyakance kada a bar gashin baki ya wuce kwana 40. Mai son ya ci tuwo da miyar kuka ba tare da goge baki kowace loma ba ba zai kai ko kusa da haka ba.

Wuya shi ne inda na ji jiki, don haka zan tsaya a kansa. Ka ɗora yatsu biyu a kwance a saman maƙogwaro, kanka a tsaye daidai. Inda yatsan sama ya tsaya nan ne iyaka. Daga nan layin ya lanƙwasa a hankali zuwa bayan kusurwar muƙamuƙi, ƙasan kunne, ta kowane gefe. Abin da ke ƙasan layin a cire, abin da ke sama ba a taɓa shi. Masu aski da yawa sun saba da gyaran fuska na ƙaramin gemu, sai su ɗaga layin har kan ƙashin muƙamuƙi. Ga mai son dogon gemu wannan asara ce babba, domin gashin da ke tsakanin haɓa da maƙogwaro shi ne ke cika gemun ta baya ya tallafe shi. Idan aka cire shi, gemun gaba zai sauka siriri, haske yana ratsa shi, kuma sai an yi watanni kafin wurin ya kamo sauran. Ni wannan gashin ne ma yake rufe mini tabona.

Kuma kada reza ta taɓa wurin idan kai mai ƙurajen aski ne. Kilifa ba tare da takalminta ba, wato robar da ake sa mata a baki don ƙayyade tsawo, ta isa, a bi da ita yadda gashin ya kwanta, ba a ja fatar a miƙe ba, a bar ɗan tsiro kamar milimita 1. Ba zai yi santsi kamar na reza ba, amma bakin gashin yana waje, ba shi da hanyar komawa ciki. Na sayi kilifata ta kaina, nakan tafi da ita shago, in an gama in kakkaɓe haƙoranta da buroshi in goge da sifirit. Wutar ashana ko ta laita da ake ɗan haska wa kilifa a wasu shaguna ba ta gamsar da ni, tun da na san abin da gyambo yake yi.

Kumatu kuwa, a bar iyakar da Allah ya yi. Ka yi tunanin layi daga gaban kunne zuwa kusurwar baki, ka cire 'yan tsirarun da suka haura shi su kaɗai. Abin da ke faruwa a shago shi ne duk zuwa ana ɗan sauke layin don ya fito da kaifi, milimita biyu yau, biyu wani makon. Bayan wata shida sai ka ga rabin kuncinka a waje, gemun ya koma kamar igiya a gefen fuska. Ni nakan faɗa tun kafin in zauna: “Maigida, kada a sauke mini layi, waɗanda suka fita kawai za a ɗauke.”

Sai siffa. Dogon gemu da aka sake shi gefe yake fara buɗewa kafin ya sauka, musamman a ƙasan kunne, sai fuska ta yi faɗi kamar faifai. Maganinsa shi ne saje ya zama gajere a sama, ya riƙa ƙaruwa yana sauka. Ni ina sa takalmi lamba 2, wato milimita 6, a daidai kunne inda saje ya haɗu da gashin kai, sai lamba 4, milimita 13, zuwa ƙasan kunne. Daga nan kilifa ta gama aikinta, sauran na almakashi ne. Mai zagayayyar fuska ya matse gefe sosai ya bar tsawon a haɓa, gemun ya sauka kamar ƙwai. Mai doguwar fuska ya bar gefen da ɗan kauri, ƙasan ya yi zagaye kamar gindin ƙwarya, in ba haka ba fuskar za ta ƙara tsawo. A wata ukun farko na sabon tari ban yi maganar siffa ba sam, wuya da gashin baki kawai nake gyarawa. Lokacin ne gemu yake fi muni, wani wuri ya riga wani, kuma lokacin ne mutane suke karaya su aske. A wata na huɗu gashin ya yi tsawon da zai kwanta ya rufe gurabun da ba su cika ba, sannan na fara matse gefe.

Ga yadda nake yin gyaran wata biyu, daga farko har ƙarshe. Nakan wanke gemun da safe in bar shi ya bushe sarai, domin jiƙaƙƙen gashi ya fi tsawo, zai yaudare ka. Sai in taje shi daga ƙasa zuwa sama da mataji mai faɗin haƙora har ya tashi ya buɗe, sannan in taje shi ƙasa yadda nake fita da shi, in ba shi minti goma ya koma yadda ya saba zama. Ina tsayawa a tsakar gida inda haske yake zuwa ta gaba, madubi a rataye daidai fuskata, kai a tsaye, baki a rufe. Wanda ya ɗaga haɓa yana yanka, idan ya sauke kai zai ga ƙasan gemun ya karkace, bayan ya fi gaban gajarta. Daga tsakiyar haɓa nake farawa: in kama ɗan tsagi tsakanin yatsu biyu ba tare da na ja shi ba, in cire rabin santimita. Wannan tsagin shi ne ma'auni. Sai in ɗauki na damansa in daidaita da shi, in koma na hagunsa, dama, hagu, ina haurawa zuwa muƙamuƙi. Ba a gama gefe ɗaya sannan a koma ɗayan. A ƙarshe in ja da baya taku biyu, in datse waɗanda suka yi tsaye suka fita daga jiki, ɗaya bayan ɗaya.

Nan ne kuma ake yin kuskuren da ya fi cin gemu. Za ka ga kamar dama ta fi hagu, ka rage ta, sai hagu ta fi, ka rage, kafin ka farga wata uku na tsiro suna ƙasa. Babu fuskar da gefenta biyu suke daidai, kuma gefen da kake kwanciya a kansa kullum ya fi lafewa. Ƙa'idata ita ce zagaye biyu, in ajiye almakashi. Idan akwai abin gyara, gobe bayan na yi alwala ya bushe zan gan shi da idon gaskiya.

Game da iyakar tsawo, ni a damƙa ɗaya na tsaya. An ruwaito a Buhari cewa Abdullahi ɗan Umar idan ya yi Hajji ko Umara yakan damƙi gemunsa ya yanke abin da ya wuce damƙar, kuma a Risala da muke karantawa a zaure an kawo cewa Imamu Malik bai ga laifin ragewa daga tsawonsa ba idan ya yi yawa. Akwai malaman da suke ganin a bar shi gaba ɗaya, kowa ya tambayi malaminsa. Ta fuskar aiki dai, damƙa a ƙarƙashin haɓa ta kai santimita 8 zuwa 10 gwargwadon hannun mutum, kuma na kai wurin a wata na goma sha huɗu. Tun daga nan lissafin ya sauya: duk wata biyu ina cire kusan santimita 2 da suka ƙaru. Mai yin damƙa ya yanka ɗan ƙasa da hannunsa, kada ya bi gefen yatsa, saboda naɗewar da na faɗa.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan gashin yana karyewa da kansa. Ga yadda ake ganewa. Ka taje gemu a kan farar riga. Idan ka ga dogayen gashi 'yan kaɗan masu ɗan farin kai a gindi, wannan zubar da aka saba ce, wani zai maye gurbinsu. Idan kuwa guntaye ne birjik marasa farin kai, to karyewa ce, kuma bushewa ce ta jawo ta. A Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana tsotse gashi har ya riƙa ƙara a hannu, ga ƙurar hanya ga mai hawa babur. Sabulun wanka kullum yana ƙara masa bushewa. Yanzu sau biyu a mako nake wanke shi da shamfu, ɗaya daga ciki da mai maganin nan don kada amosanin ya dawo, ina cuɗa fatar da tafin yatsu ba da farce ba. Sauran kwanaki ruwa zalla. A bazara, watan Maris da Afrilu, saboda gumi nakan ƙara wanki ɗaya.

Alwala tana jiƙa gemu sau biyar a yini, kuma kaurin gashi yana riƙe ruwa a jikin fata. Da damina wannan laimar ce take tayar da ƙaiƙayi da wari. Ina da ƙaramin tawul na gemu kaɗai, ina dannawa ba na gogewa. Mai kuwa, man kaɗe nake amfani da shi, kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya, in narkar da shi a tafin hannu in shafa a gashin yana da ɗan danshi, daga tsakiya zuwa baki, ba na kai shi fata. Da hunturu sau biyu a yini, da damina sau ɗaya ya isa. Sannan a taje, kuma daga baki ake farawa ana haurawa zuwa gindi. Idan mataji ya tsaya a ƙulli, a warware da yatsa, wanda ya ƙi a datse shi da almakashi. Fizgar sa yana tafiya da gashi goma maimakon ɗaya.

Idan kuwa ka ga ƙuraje masu ruwa, ko wani wuri zagaye yana zubar da gashi, ko ƙaiƙayin da ya wuce mako biyu duk da wanki, kada ka bi hanyar da na bi ta kemis. Wasu cututtukan gemu sai maganin sha, shafawa ba ta kai su, kuma wata biyun da na ɓata su ne suka zama tabon da ke wuyana.

Bara yayana yana gyaran ɗakin mahaifinmu ya ci karo da almakashin nan a cikin wata tsohuwar jakar fata. Ya kawo mini shago ya ce, “Kai ne mai gemu yanzu, riƙe.” Na kai aka wasa shi. Sai a lokacin na fahimci dalilin da Baba ya hana a yanka ko zare da shi: almakashi mai dakushi ba ya yanke gashi, tauna shi yake yi, bakin ya tsage ya ci gaba da karyewa. Yana cikin aljihun jakata tare da mataji, kuma na riga na faɗa wa yaran gida kada wanda ya taɓa shi. Gyaran tsawo na gaba ya faɗo mako guda kafin Sallah, don in an sami kuskure ya kwanta kafin ranar Idi.